Ranar da sunan Business Premium ya tashi daga wani tsari ya koma kan wani

A ranar 21 ga Afrilu 2020 kamfanin Microsoft ya sauya sunayen tsare-tsaren biyan kuɗi da yake sayar wa ƙananan kamfanoni da matsakaita, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 300 ba. Tun ranar 30 ga Maris ya sanar, kuma ya ce farashi ba zai motsa ba, abin da ke cikin kowane tsari ma yana nan yadda yake. Suna kawai za a taɓa. Duk wanda ke sayar da manhaja a tsari uku ko huɗu yana da abin dubawa a wannan sauyi, domin a rana ɗaya kamfanin ya yi gyara mai kyau ƙwarai, a ranar kuma ya ɗaure wa masu saye kai da hannunsa.

Kafin a ga gyaran sai an ga ɓarnar.

Yadda sunayen suke kafin 2020

Tsare-tsare huɗu ne. Farashin da zan kawo na Amurka ne a lokacin, kuɗin mutum ɗaya a wata idan an ɗauki alkawarin shekara guda.

Mafi araha shi ne Office 365 Business Essentials, dala 5. Yana ba kowane ma'aikaci adireshin imel da sunan kamfaninsa, akwatin saƙo mai cin gigabait 50, ma'ajiyar OneDrive ta terabait 1, da Teams. Word da Excel kuwa sai dai a buɗe su a burauza ko a waya, babu damar saka su a kan kwamfuta.

Na biyu a farashi shi ne Office 365 Business, dala 8.25. Wannan kishiyar na farko ne. Za ka saka Word, Excel, PowerPoint da Outlook a kwamfutarka, har kwamfuta biyar ga mutum ɗaya, kana da OneDrive, amma babu imel na kamfani, babu Teams. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin Outlook yana ciki. Mai saye ya ga Outlook sai ya ɗauka ya sami imel, alhali Outlook abin karanta saƙo ne kawai. Akwatin da saƙon ke zama a ciki, wato Exchange, ba ya cikin wannan tsari.

Na uku, Office 365 Business Premium, dala 12.50, shi ya haɗa na farko da na biyu. Lissafin ma yana nuna haka: idan ka sayi biyun daban-daban za ka biya dala 13.25, haɗin kuma ya fi sauƙi da santi 75. Waɗannan ukun tare suka fito a watan Oktoba 2014, kuma a lokacin sunan Premium ya dace da mai shi, domin babu wani tsari a samansa a rukunin ƙananan kamfanoni.

Sai 2017 ta zo da na huɗu, Microsoft 365 Business, dala 20. Yana da duk abin da ke cikin na uku, ya ƙara da kayan tsaro da na sarrafa na'urori. Babba a cikinsu shi ne Intune, wanda ke ba mai kula da kwamfutocin ofis ikon kafa doka a kan wayoyi da kwamfutocin ma'aikata, misali ya hana a kwafi rubutu daga imel ɗin aiki zuwa wata manhaja ta kashin kai, ko ya goge bayanan kamfani kaɗai daga wayar wanda ya bar aiki.

Yanzu a cire farashin, a jera sunayen huɗu kawai a gaban wanda bai taɓa saye ba, a tambaye shi wanne ne mafi girma. Zai nuna Premium, kuma bai yi wauta ba, domin a duk inda ya saba ganin kalmar, a tikitin jirgi ko a tsarin tauraron ɗan'adam, tana nufin na sama ne. Amma Premium na uku ne. Na saman sunansa Microsoft 365 Business, kuma abin da ya raba shi da Office 365 Business, mai dala 8.25, kalma ɗaya ce a farko. Sunaye biyu masu kama da tagwaye, ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi fiye da sau biyu. A baki kuma ba wanda ke faɗin cikakken suna. Mai ofis zai ce wa dillalin da ke sayo masa lasisi, "Business nake so," dillali ya rasa wanne daga cikin huɗun ake nufi, tunda kowannensu yana ɗauke da kalmar.

Babu wanda ya zauna ya tsara wannan rikici. Sunayen 2014 daidai suke da kayan 2014. Kaya ne suka ƙaru aka bar suna a inda yake. Haka yake faruwa ga kusan duk mai manhaja da ya yi gaggawar laƙaba wa tsarinsa mafi tsada suna irin na ƙarshen tsani, sannan bayan shekara biyu ko uku ya gina wani abu a samansa ya rasa me zai kira shi.

Abin da aka yi

Ga yadda sauyin ya kasance:

Office 365 Business Essentials ya zama Microsoft 365 Business Basic.
Office 365 Business Premium ya zama Microsoft 365 Business Standard.
Microsoft 365 Business ya zama Microsoft 365 Business Premium.
Office 365 Business ya zama Microsoft 365 Apps for business.

Ukun farko sun zama tsani. Basic, Standard, Premium: dala 5, dala 12.50, dala 20. Ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai iya jera su daga ƙasa zuwa sama, kuma jerin gaskiya ne, domin kowane mataki yana ɗauke da duk abin da ke cikin na ƙasansa sannan ya ƙara wani abu. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin irin waɗannan sunaye. Sunan da ke nuna matsayi alkawari ne cewa idan ka hau sama ba za ka rasa komai ba.

Layi na huɗu ne ya fi burge ni, kuma shi ne aka fi mantawa da shi idan ana ba da wannan labari. Tsarin dala 8.25 ya fi Basic tsada, saboda haka mai ragon tunani zai cusa shi tsakanin Basic da Standard ya nema masa suna irin Basic Plus. Da an yi haka da an yi ƙarya. Ofishin da ke kan Basic ya ce bari ya ɗan matsa gaba, ya koma wannan tsari, sai ya wayi gari ba shi da lasisin imel kuma ba shi da Teams, bayan ya ƙara kuɗi. Tsarin ba mataki ba ne a tsanin, reshe ne da ya fita gefe. Microsoft ya fitar da shi daga jerin gaba ɗaya, ya ba shi sunan abin da ke cikinsa: Apps, wato manhajojin kawai. Haka ma aka yi wa ɗan'uwansa na manyan kamfanoni, Office 365 ProPlus, wanda ya koma Microsoft 365 Apps for enterprise. Sunan ProPlus ya tara kalmomin yabo biyu bai faɗi komai a kan kayan ba.

To a nan akwai ƙa'ida da za a iya ɗauka kai tsaye. Kafin a zaɓi kalma ko ɗaya, a zana tebur, tsare-tsare a sama, abubuwan da ke ciki a gefe, a duba ko kowane tsari ya haɗiye na ƙasansa ɗungurungum. Waɗanda suka haɗiye juna su ne za su karɓi sunan matsayi. Wanda ya rasa wani abu da mai arha yake da shi, sai a kira shi da sunan kayansa ko sunan wanda aka yi shi dominsa. Farashi kaɗai ba ya sa tsari ya zama mataki.

Inda aka ɓata rawa da tsalle

A sake duba layi na biyu da na uku. Kalmomin Business Premium ba su mutu ba. An ɗauke su daga tsarin dala 12.50 an ɗora wa tsarin dala 20, a rana guda. Daga 21 ga Afrilu, duk wata takarda, duk wani rasit, duk wani bayani da aka rubuta tsakanin 2014 da 2020 da ke cewa Business Premium yana nufin abu ɗaya, shafin sayarwa kuma yana nufin wani. Kamar a ce a unguwa an sauya lambobin gidaje, aka ɗauki lambar gidanka aka liƙa a ƙofar maƙwabcinka. Da sabuwar lamba aka ƙirƙiro masa, mai kawo saƙo zai tsaya ya yi tambaya. Tunda lambar da ya sani ce, zai miƙa saƙon a can ya tafi hankalinsa kwance.

Mu ɗauki misali don a ga kuɗin. A ƙaddara wani ofishin lissafin kuɗi mai ma'aikata 12, wanda tun 2018 yake kan tsohon Business Premium. Duk wata suna biyan 12 sau 12.50, dala 150. A takardar kasafinsu an rubuta Business Premium, mutum 12. A tsakiyar 2020 suka sauya dillali, akawu ya buɗe takardar ya kwafi abin da ya gani ya tura. Sabon dillalin bai yi ha'inci ba, ya kawo abin da aka nema da sunan da yake da shi a ranar: 12 sau 20, dala 240. Bambancin dala 90 ne a wata, dala 1,080 a shekara, kuma alkawarin na shekara ne. Sun biya kuɗin Intune da sauran kayan tsaro waɗanda babu mai kunna su a ofishin, domin waɗannan kaya ba sa aiki da kansu, sai wani ya zauna ya tsara dokokin ya shigar da na'urorin.

Kuskuren yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma, kuma wannan ya fi haɗari domin ba ya fitowa a rasit. Shugaban ofis ya san tun da daɗewa cewa suna kan Premium. Ya karanta a wani wuri cewa Business Premium yana bincika abubuwan da aka maƙala wa imel da adiresoshin da ke cikinsa kafin a buɗe, abin da ake kira Safe Attachments da Safe Links, kuma yana iya hana shiga asusun aiki daga na'urar da ba a amince da ita ba. Sai ya kwantar da hankalinsa, ya ce ai muna da shi. Ba su da shi. Nasu ya koma Standard, kuma dama can bai taɓa ƙunsar waɗannan ba. Irin wannan ba a gane shi sai ranar da ake buƙatar kayan.

Akwai kuma ciwo na uku, ƙarami amma na gaske. Wanda jiya yake Premium yau ya buɗe shafinsa ya ga Standard, kuɗi bai ragu ba. Ko da an rantse masa cewa ba a cire komai ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an rage masa matsayi don a tura shi ya sayi na sama. Dillalai ne suka sha wannan bayani, abokin ciniki bayan abokin ciniki.

Shin akwai wata hanya? Akwai, kuma ba a ɓoye take ba. Za a iya kiran na saman da wata kalma da ba a taɓa amfani da ita a wannan rukuni ba, a bar Premium ta huta. A watan Oktoba 2020 Google ya sauya G Suite zuwa Google Workspace, ya jera nasa Business Starter, Business Standard, Business Plus, a dala 6, 12 da 18. Ba ina cewa nasa ya fi kyau ta kowace fuska ba, amma ya nuna cewa kalmomin da ke nuna saman tsani ba su ƙare a duniya ba. Na fahimci abin da ya ja Microsoft: Basic, Standard, Premium jeri ne mai daɗin faɗa, kuma ga sabon mai saye da bai san tarihi ba babu aibu a cikinsa ko kaɗan. An fifita wanda zai zo gobe a kan wanda ke biya yau. Kamfani mai girmansa zai iya haɗiye ruɗanin shekara ɗaya ko biyu. Ƙaramin mai manhaja da mutum biyu ke amsa masa saƙonnin masu amfani, ban ga ya kamata ya gwada ba.

Tsohon suna yana nan a ƙarƙashi

Wanda ke kula da asusun kamfani yana ganin wani abu da sauran mutane ba sa gani. Kowane tsari yana da suna na ciki wanda na'ura ke amfani da shi, kuma wannan ba a sauya shi ba. A yau, mai izini zai iya ganin lasisin da ofishinsa ke da su ta PowerShell, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, idan an saka mata kayan Microsoft Graph, da wannan:

```
Connect-MgGraph -Scopes "Organization.Read.All"
Get-MgSubscribedSku | Select-Object SkuPartNumber, ConsumedUnits
```

Idan ofishin yana kan Business Standard, sunan da ya saba fitowa shi ne O365_BUSINESS_PREMIUM. Idan yana kan Business Premium na yanzu, abin da zai fito shi ne SPB. Business Basic kuma har yanzu O365_BUSINESS_ESSENTIALS ne. Sabon ma'aikaci da bai san labarin 2020 ba zai ga kalmar PREMIUM a allonsa ya rubuta a rahoto cewa ofis yana kan Premium, shekaru bayan an sauya suna. Dole ta sa Microsoft yake riƙe da dogon jadawali da ke fassara sunan ciki zuwa sunan kasuwa.

Barin sunan ciki yadda yake daidai ne, domin dubban kamfanoni sun rubuta umarnin da ke raba wa ma'aikata lasisi ta wannan suna, kuma da an taɓa shi da duk sun tsaya. Kuskuren tun farko aka yi shi, lokacin da aka ɗauki sunan talla aka mai da shi sunan ciki. Mai gina manhaja ya raba su tun ranar farko. A rumbun bayanai tsari ya sami lamba ko wata alama da ba ta nufin komai, sunan da mutane ke gani kuma ya zauna a wani gurbi daban wanda za a iya sauyawa ba tare da an taɓa lambar ba. Haka nan manhajar kada ta riƙa tambayar ko sunan tsarin wannan mutum kaza ne, ta tambayi ko yana da izinin abu kaza. SPB, duk da muninsa, ya fi O365_BUSINESS_PREMIUM lafiya, tunda ba ya gaya wa kowa ƙarya.

Inda ba a yi wannan rabuwa ba, an ji a jika. Wasu ofisoshin da ke tura sabuntawar Office ta Configuration Manager, manhajar Microsoft ta sarrafa kwamfutocin ofis, sun kafa dokokin da ke zaɓo sabuntawa ta hanyar neman kalmomin Office 365 a takensu. Da taken ya koma Microsoft 365 Apps, sai da aka gargaɗe su su gyara dokokin, in ba haka ba sabuntawa za ta daina sauka ba tare da wani ƙararrawa ba.

Yadda za a gane tun kafin a buga a shafi

Gwajin da na ambata a sama shi ne mafi arha, kuma ana iya yinsa da takarda da biro. A rubuta kowane suna a ƙaramar takarda, ba farashi, ba bayani. A ba mutanen da suka yi kama da masu saye, ba ma'aikatan kamfanin ba, domin su sun riga sun haddace. A ce su jera daga mai arha zuwa mai tsada. Sannan a yi musu tambaya ta aiki: kana so ma'aikatanka su sami imel da sunan kamfani, wanne za ka ɗauka? Sunayen kafin 2020 za su gaza a tambayoyin biyu. Na 2020 za su ci ta farko, kuma Apps for business zai taimaka a ta biyu, ko da yake Basic da Standard har yanzu ba sa faɗin cewa bambancinsu shi ne saka Word a kwamfuta. Wannan iyakar sunan matsayi ce. Yana faɗin wanne ya fi, ba ya faɗin da me ya fi. Shi ya sa yake buƙatar jimla ɗaya a ƙarƙashinsa, gajera, da ke cewa duk abin da ke cikin na ƙasa, da ƙarin abu kaza.

Akwai gwaji na uku da waɗanda suka riga suka sami masu biya ke buƙata, kuma shi ne zai kama kuskuren Premium. A ba tsohon mai saye sabon jeri, a ce ya nuna wanda yake kai yanzu. Idan yatsansa ya sauka a kan wanda ba nasa ba, to suna ya yi ƙaura, a koma a sake. Bayan an sauya kuma, a bar tsohon suna kusa da sabo a rasit da shafin asusu har zagayen biyan kuɗi guda ya cika, wato shekara ga masu biyan shekara, domin akawu sau ɗaya yake duba wannan layi, ranar sabuntawa.

Alamomin da ke nuna suna ya gaza bayan an fitar da shi suna cikin akwatin ƙorafi. Mutum ya saya yau, gobe ya nemi a sauya masa tsari. Ko ya rubuto yana cewa abu kaza ya lalace, a duba a ga abin ba ya cikin tsarinsa tun asali. Ko masu sayarwa su daina kiran tsarin da sunansa su koma cewa "na dala sha biyu da rabi". Idan ma'aikatanka da kansu suna kiran kaya da farashinsa, sunan ba ya aiki. Kuma farashi ba abin riƙewa ba ne: a watan Maris 2022 Basic ya tashi daga dala 5 zuwa 6, Premium daga 20 zuwa 22.

Tsanin na 2020 ya tsaya da ƙafarsa, amma kalmomin da ke kewaye da shi sun ci gaba da yawo. Essentials da aka ajiye ta dawo a watan Disamba 2021 a kan Microsoft Teams Essentials, tsari na dala 4 da ya ta'allaƙa a kan Teams. A watan Janairu 2023 kuma aka fito da Microsoft 365 Basic, na masu amfanin gida, dala 1.99 a wata da ma'ajiya ta gigabait 100. Kalmar Business ce kaɗai ta raba shi da Microsoft 365 Business Basic, wanda ke da terabait 1 da imel na kamfani, kuma ita ce kalmar da mai ofis ke yawan yarwa idan yana magana da dillalinsa ta waya.